Nawa za ka riƙa cira daga jarinka bayan ritaya? Hanyoyi uku da inda kowace ke karyewa

Kawuna ya yi ritaya yana da shekara 60, kuma a shekarar ya sayar da wata tsohuwar gonarsa a hanyar Shika da gari ya cim mata. Da kuɗin gonar da ɗan abin da ya samu na sallama, ya haɗa naira miliyan 40. Ya kira ni gidansa a Tudun Wada bayan la'asar, ya shimfiɗa takardu a kan darduma, ya ce, "Ɗana, kai ne mai lissafi a gidan nan. An ce mini in na zuba kuɗin nan a jari, shekara kan shekara ribar ba ta gaza kashi 6 cikin 100. To ni naira 200,000 nake so duk wata. Miliyan 2.4 ke nan a shekara, kashi 6 cif. Ina matsalar take?"

Matsalar tana cikin wannan "shekara kan shekara" ɗin. Wanda ya faɗa masa haka matsakaicin riba yake nufi, wato a haɗa shekaru masu kyau da munana a raba. Mai tara kuɗi yana iya dogara da matsakaici. Mai cira kuwa, abin da ya fi damunsa shi ne wace shekara ce ta fara zuwa, mai kyau ko mummuna.

Kawu manomi ne kafin ya zama ma'aikaci, don haka da masara na fara masa bayani. Mutum yana da buhu 400 a rumbu, kuma duk shekara yana buƙatar adadin kuɗi guda da ba ya canzawa. In ya kai kasuwar Giwa lokacin da masara ke da daraja, buhu 24 sun ishe shi. In farashi ya karye da kashi 40, sai ya fitar da buhu 40 kafin ya haɗa kuɗin nan. Buhu 16 ɗin da ya ƙara sun tafi ke nan. Ranar da farashi ya dawo, ba sa cikin rumbu balle su amfana. Haka hannun jari yake. Wanda ya sayar a shekarar faɗuwa don ya ci abinci, ya mayar da asarar takarda asara ta gaske.

Sai na jera masa shekaru biyar na misali, kuma duk alkaluman bayan an cire hauhawar farashi ne, wato ƙarfin sayen kuɗin ake aunawa: asarar kashi 30, asarar kashi 15, ribar kashi 10, ribar kashi 25, ribar kashi 35. In ba a taɓa kuɗin ba, miliyan 40 za ta zama miliyan 44.2 a ƙarshe, ko ta wane kai aka jero shekarun. Amma a ce ana cire miliyan 2.4 a farkon kowace shekara. Wanda ya fara da munanan shekarun, bayan shekara ɗaya yana da miliyan 26.3, bayan biyu miliyan 20.3, kuma ko da shekaru uku masu albarka suka biyo baya, miliyan 26 zai tsira da ita. Wanda ya fara da masu kyau, shekarun nan dai aka juya masa su, zai ƙare da miliyan 34.9. Dukansu miliyan 12 suka ci, jari iri ɗaya suka riƙe, amma tazarar da ke tsakaninsu ta kusa miliyan 9. In daga nan kasuwa ta lafa tana ba da kashi 3 a shekara, na farko kuɗinsa zai ƙare yana wajen shekara 78, na biyu sai ya haura 83.

Kawu ya yi shiru, sannan ya ce ai waɗannan alkaluma ni na ƙirƙiro su. Gaskiya ne. Amma ban kai ga abin da ya taɓa faruwa ba. Ma'aunin kasuwar hannun jari ta Najeriya ya haura maki 66,000 a watan Maris na 2008, ya faɗi da kusan kashi 46 a shekarar, ya ƙara faɗuwa da kusan kashi 34 a 2009. Bai sake taka wancan matsayi ba sai a watan Agustan 2023, shekara 15 ke nan, kuma wannan a lissafin naira ne tsura, ba a ma cire hauhawar farashi ba. Duk ɗan Zariya da ya kai shekara 50 ya san wani da ya zuba kuɗin sallamarsa a hannun jarin bankuna a 2007. Wanda yake da albashi a lokacin ya iya jira. Wanda ya riga ya ajiye aiki, sayarwa ya riƙa yi a kan ko nawa.

To tun da babu wanda ya san irin shekarun da za su tarbe shi, abin da ke hannun mutum shi ne tsarin cira. Hanyoyi uku aka fi sani.

Ta farko: ka yanke adadi, ka riƙa ƙara masa hauhawar farashi

Wannan ita ce ake kira ƙa'idar kashi 4. Wani mai ba da shawara kan kuɗi a Amurka, William Bengen, shi ya fito da ita a 1994. Ya ɗauki tarihin kasuwar Amurka tun daga 1926, ya gwada mutum mai rabin jari ko fiye a hannun jari, sauran a takardun bashin gwamnati, ya tambaya: nawa ne mafi yawan abin da zai cira a shekarar farko, ya riƙa ƙara masa hauhawar farashi kowace shekara, kuɗin kuma ya kai shekara 30 ko da ya yi ritaya a mafi munin lokaci? Amsar ta fito kashi 4 da ɗan ɗoriya. A 1998 wasu malamai uku na Jami'ar Trinity da ke Texas suka yi irin wannan gwaji, sakamakonsu bai yi nisa da nasa ba.

Mutane da yawa suna fahimtarta a karkace. Ba kashi 4 na abin da ya rage ake cira duk shekara ba. Sau ɗaya ake lissafin kason, a shekarar farko. Ga Kawu, miliyan 1.6 ke nan, wajen naira 133,000 a wata. In farashi ya hau da kashi 25, shekara ta biyu miliyan 2 zai cira, ko jarin ya ƙaru ko ya ragu.

Kyawunta a fili yake: tukunyar gida ba ta san an yi faɗuwa a kasuwa ba. A jerin munanan shekarun nan namu, mai kashi 4 zai fito da miliyan 32.1, kuma in aka ci gaba da samun kashi 3, za ta kai shi shekara 90 da wani abu. Kashi 2 kacal ya raba shi da mai kashi 6, amma ya sayi fiye da shekara 15 da su.

Inda take da rauni ya fi shafarmu. Wanda ya fi shan wuya a tarihin Amurka ba wanda ya yi ritaya gab da rugujewar 1929 ba ne, wanda ya yi a tsakiyar shekarun 1960 ne, musamman 1966. Dalili kuwa hauhawar farashi: kasuwa ta yi ta tafiyar hawainiya, ta zube da kusan rabi a 1973 zuwa 1974, kayan masarufi kuma suna ta tsada, don haka abin da yake cira yana kumbura jarin yana tsukewa. Hauhawar da ta yi wannan ɓarna ta tsaya ne a wajen kashi 13 a 1980. Mu a nan ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, ta haura kashi 70 a 1995. Ga kuma binciken da wani masanin tattalin arziki, Wade Pfau, ya yi a 2010 a kan ƙasashe 17 masu arziki, inda ya samu a huɗu kawai kashi 4 ta tsira, kuma Najeriya ba ta cikin waɗanda aka gwada. Bengen bai sa kuɗin da masu kula da jari ke yanka ba, bai sa haraji ba. Saboda haka ni ina ɗaukar kashi 4 a matsayin rufin ɗaki ga mai naira, ba daɓen da zai tsaya a kai ba. Babban aibinta dai shi ne ba ta da ido. Ko jari ya rabe biyu, cewa take a ci gaba da cira kamar jiya.

Ta biyu: kaso ɗaya na duk abin da ya rage

Nan kuma kowace shekara za ka duba abin da ke akwai, ka cire kasonka, ka ce kashi 6. Kuɗin ba zai taɓa ƙarewa ƙarƙaf ba, tun da kullum ɓangare kake ɗiba. Wani abin mamaki kuma, jerin shekaru ba ya taɓa abin da zai rage: ko munana suka fara ko masu kyau, miliyan 32.4 za a tarar bayan shekara biyar.

Sai dai haɗarin bai ɓace ba, wuri ya canza. Ya tashi daga jari ya koma kan cefane. A jerin namu Kawu zai fara da naira 200,000 a wata, shekara ta biyu ya sauko 131,600, ta uku 105,100. Kusan rabin abin da ya saba ya tafi cikin shekara biyu, alhali maganin hawan jini da na suga ba su san kasuwa ta faɗi ba. Wannan hanya ta mai wata madogara ce: wanda fanshonsa da hayar shagunansa a Sabon Gari suka riga suka ɗauke masa ci da sha, kuɗin jari kuwa na Umara ne da hidimar biki da taimakon dangi. Shi in aka ce bana babu, sai ya ce Allah Ya kai mu baɗi. Ga wanda tuwon darensa ke fitowa daga jarin, ban ga alherinta ba.

Ta uku: adadi tsayayye, amma da shinge hagu da dama

Wasu masana biyu a Amurka, Jonathan Guyton da William Klinger, su ne suka tsara wannan a 2006, kuma tsakiya ce tsakanin biyun can. A taƙaice, kana farawa da kaso, misali kashi 5, kana ƙara hauhawar farashi kamar hanya ta farko. Amma duk shekara sai ka raba abin da za ka cira da abin da ya rage. In kason ya haura na farko da kashi ɗaya cikin biyar, wato ya wuce 6, sai ka rage abin da kake cira da kashi 10. In ya sauka ƙasa da 4, sai ka ƙara wa kanka kashi 10.

Ga yadda take a hannun Kawu. Shekarar farko miliyan 2, wato 166,700 a wata. Kasuwa ta faɗi, saura miliyan 26.6. Miliyan 2 a cikin 26.6 kashi 7.5 ne, an tsallake shinge, sai a koma miliyan 1.8. Shekara ta uku a sake ragewa zuwa miliyan 1.62, ta huɗu zuwa miliyan 1.46. A ta biyar ne kason zai dawo cikin shinge a tsaya. Da a ce shekaru masu kyau ne suka fara, tun a shekara ta biyu zai samu ƙari zuwa miliyan 2.2.

| Hanya | Shekara ta 1, a wata | Mafi ƙanƙanta, a wata | Saura bayan shekara 5 |
|---|---|---|---|
| Tsayayye, kashi 6 | 200,000 | 200,000 | miliyan 26.0 |
| Tsayayye, kashi 4 | 133,300 | 133,300 | miliyan 32.1 |
| Kashi 6 na abin da ya rage | 200,000 | 105,100 | miliyan 32.4 |
| Mai shinge, daga kashi 5 | 166,700 | 121,500 | miliyan 31.7 |

A duba layuka ukun ƙarshe. Kusan wuri ɗaya suka sauka, domin kusan miliyan 8 kowannensu ya ci a shekara biyar. Babu wata dabara a cikinsu da ta ƙirƙiro kuɗi. Bambancin kawai yaushe za ka ji zafin: mai kashi 4 ya ɗaure ciki tun ranar farko ko da fari bai zo ba, mai shinge ya ɗan sake da farko bisa sharaɗin zai ɗaure in ya zo, har ya koma ƙasa da mai kashi 4 a shekara ta huɗu. Masu tallar hanyar shinge ba su cika faɗin wannan ba, sun fi son a ji cewa ana iya farawa da kaso mai tsoka. Kuma ragi uku a jere a takarda yake da sauƙi. A gida, magana ce da za a yi da uwargida sau uku.

Hanya ta huɗu da ba a rubuta ba, wadda kowa ke bi

Duk wannan bayani, abin da ke ran Kawu daban ne, sai da muka yi sallar magariba ya fito da shi. "Ni fa ba na son hannun jarin nan. In sa kuɗin a sukuk, takardun jarin nan marasa kuɗin ruwa, a ba ni haya kashi 16, miliyan 6.4 ke nan a shekara. In ci hayar, uwar kuɗi tana nan ba ta motsa ba."

Wannan ita ce ta fi kowace haɗari, domin ba ta kama da haɗari. Babu ranar da za ka buɗe waya ka ga jan lamba. Amma in haya kashi 16 ce, farashi kuma ya hau da kashi 25, ko ba ka ci kwabo ba ƙarfin kuɗinka ya ragu da kusan kashi 7. In kuwa ka cinye hayar duka, miliyan 40 ɗin da ke rubuce za ta sayi abin da miliyan 32 ke saye bayan shekara ɗaya, bayan shekara uku kuwa abin miliyan 20.5. Jerin munanan shekarun da na ƙirƙiro ɗin nan ke nan, ya shigo ta ƙofar baya. Hayar da kake murna da ita, mafi yawanta uwar kuɗinka ce ake dawo maka da ita kaɗan-kaɗan.

Ba sai an yi hasashe ba. Gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko a watan Satumbar 2017, na naira biliyan 100, a kan haya kashi 16.47, na shekara bakwai. An biya hayar, an mayar da uwar kuɗi a 2024. Amma a 2017 litar fetur naira 145 ce, a Satumbar 2024 ta haura 800. Dala da ba ta kai naira 400 ba a wancan lokaci ta wuce 1,500. Wanda ya riƙa mayar da mafi yawan hayar cikin jari ya rage zafi. Wanda ya cinye ta, an miƙo masa miliyan ɗinsa cif-cif, amma ba ta iya cika masa rabin abin da ta saba. Sukuk ba shi da laifi a nan, ya cika alkawarin da ya ɗauka. Alkawarin ne na naira, ba na buhun shinkafa ba.

Ko shekarar da aka yi ta shewa sai an tace ta. A 2024 ma'aunin kasuwar hannun jari ya hau da kusan kashi 38. A cire hauhawar kashi 34.8, abin da ya saura wajen kashi 2 ne kawai, ban da rabon riba. Wanda ya ga 38 ya ƙara wa kansa albashi, uwar kuɗi ya ci.

Ana yawan ba da shawarar a ware kuɗin shekara biyu a gefe, a ci daga nan in kasuwa ta faɗi don kada a sayar da araha. Dabarar rumbu ce, kuma tana kwantar da hankali, wanda ba ƙaramin abu ba ne, tun da firgita ce ke sa mutum ya sayar da komai a ranar da bai kamata ba. Amma rumbun naira yana da gara. Miliyan 3.2 da aka bari a asusun ajiya a shekarar da farashi ya hau da kashi 30 ta rasa kusan kashi 23 na ƙarfinta. Takardun bashin gwamnati na kwana 91 ko 182 ko 364 sun fi, ko asusun jari marar kuɗin ruwa ga wanda yake gudun riba ta haram, amma su ma ba kullum ba: a ƙarshen 2020 takardun nan sun koma ba da ƙasa da kashi 1, farashi yana hawa da kusan kashi 15. Ni shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi nake ganin ya isa a ajiye haka. Fiye da nan, kariyar ta fi abin da ake karewa tsada.

Yadda muka zaɓa

Ba daga jarin muka fara ba, daga kicin muka fara. Na ce, "Kawu, a raba mini kashe-kashen gidan nan biyu: wanda in babu shi za a kwana da yunwa ko ciwo, da wanda in babu shi sai dai a ji kunya." Inna ce ta kawo lissafin gaskiya daga bayan labule, don Kawu ya manta da gas da kuɗin ruwan mai kura. Na dole ya tashi naira 195,000 a wata: abinci, magani, wuta, da kuɗin makarantar auta. Fanshonsa 95,000 ne. Giɓin 100,000 ke nan, miliyan 1.2 a shekara, kashi 3 na jarin.

Wannan kason shi ke zaɓar wa mutum hanya. Wanda giɓinsa na dole bai kai kashi 2 ba, ya ɗauki ta biyu ko ta uku, duk wadda ta yi masa, yana da wurin ragi. Wanda nasa yake tsakanin 3 da 4, hanya ta farko ce tasa a ƙaramin kaso, domin ba shi da abin da zai rage in shinge ya ce a rage. Wanda nasa ya kai 6 ko fiye, babu tsarin cira da zai cece shi. Sai dai ya rage nauyi, ko ya nemi wata hanyar shiga, ko ya yarda cewa kuɗin na shekara goma sha ne ba na talatin ba, ya gaya wa 'ya'yansa tun yanzu.

Akwai kuma abin da ya kusa kuɓuce mini: fanshon ma naira ne. In aka yi shekara uku farashi yana hawa da kashi 25 ba a yi masa ƙari ba, 95,000 za ta koma kamar 48,600, giɓin ya tashi daga 100,000 zuwa kusan 146,000. Abin da ya taimaki Kawu shi ne auta za ta gama karatu cikin shekara uku, wajen 30,000 za ta sauka daga wuyansa, giɓin ya tsaya kusa da 116,000. Wannan ma abin dubawa ne ga mai zaɓa tsakanin barin kuɗin fansho a hannun kamfanin fansho ana biyansa wata-wata, da miƙa shi ga kamfanin inshora don albashin tsawon rai. Na inshora ba ya ƙarewa muddin kana numfashi, amma galibi adadinsa tsaye yake, kuma wanda ya shiga ba ya dawowa na farko. Yana kare ka daga tsawon rai, ba ya kare ka daga tsada.

Abin da muka tsayar gauraye ne. Kashi 3 na dole, miliyan 1.2, zai bi hanya ta farko: ana ƙara masa hauhawar farashi, ba a taɓa shi. A kansa kuma kashi 1.5 na duk abin da ya rage, a bisa hanya ta biyu, na biki da suna da zumunci da man mota. Shekarar farko naira 150,000 ke nan a wata. In munanan shekarun nan suka zo, zai sauka zuwa wajen 126,700 a shekara ta uku, har yanzu sama da giɓin 116,000, jarin kuma ya fito da miliyan 32.1. Kawu ya ɓata rai da jin 150 a maimakon 200. Na nuna masa layin farko na jadawalin, na ce ya zaɓa.

Shi ne kuma ya tuna mini abin da babu shi a lissafin Bengen. "Zakka fa?" Lallai kuwa. Ɗaya cikin arba'in kashi 2.5 ne, kuma ta fuskar lissafi fita ce daga jarin kamar kowace fita. In za a fitar da ita a kan miliyan 40 gaba ɗaya, miliyan 1 ce, kashi 4.5 ɗinmu ya zama 7, abin da zai rage bayan munanan shekaru biyar ya koma ƙasa da miliyan 28. Malamai suna da bayani a kan wane ɓangare na hannun jari da sukuk ake fitar wa, wannan kuma ba fagena ba ne. Na ce ya kai wa malaminsa takardun yadda suke, duk adadin da aka yanke mu sa shi a lissafi tun farko, kada ya zo a matsayin ba-zata a watan da shekara ta zagayo. Haka kuɗin da masu kula da asusu ke yanka: in kashi 1.5 ne, to shi ma cira ne, ko da bai taɓa biyowa ta aljihunka ba.

Saura yadda zai gane in abu ya fara lalacewa. Sau ɗaya a shekara ya isa, ba kullum a waya ba. Lissafi biyu ne. Na farko, ya raba duk abin da zai fita baɗi da abin da ke cikin jarin yau. In ya haura kashi 6 ban da zakka, alhali bai cika shekara goma da ritaya ba, to kuɗin biki ya tsaya cak sai kason ya dawo. Shekaru goman farko su ne masu haɗari, domin a lokacin jarin ya fi girma kuma tafiyar ta fi tsawo. Kashi 7 a hannun ɗan shekara 82 ba abin tashin hankali ba ne. Na biyu, ya raba jarin da kuɗin cefanen dole na wata ɗaya a farashin ranar. Yau miliyan 40 a kan 195,000 wata 205 ne. In baɗi jarin ya zama miliyan 44 amma cefane ya koma 245,000, wata 180 ke nan: lamba ta hau, rumbu ya ragu.

Mun rubuta 205 a bangon littafin da yake ajiye rasit ɗin magani, da kwanan wata a gefe. Ya ce in dawo bayan Babbar Sallah mu sake rabawa, in kuma taho da biro mai kyau, don nawa yana zuba.